Ƙyale pilan ya shiga pilan: maganar fondi da rakor ga masu montaj

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon biki da anka turo mishi ta WhatsApp a garin ga ya san abin da nake nufi, amarya na zaune ana mata ƙunshi sai hoton ya naɗe kamar tabarma ya juya sai ga ango, daga nan zuciya ta buɗe a tsakiyar allo sai ga abokan ango, sannan komai ya tarwatse kamar gilashi sai ga Hajiya uwar amarya tana share hawaye, kuma kafin ka gama ganin hawayen wani akwati ya juyo ya tafi da ita. Minti uku ne bidiyon amma idan ka ƙirga za ka samu kwalliya arba'in a ciki. To yi lissafi da kanka, in kowace ɗaya ta ci sakan ɗaya, sakan 40 kenan cikin sakan 180, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bidiyon ba amarya kake kallo ba, CapCut kake kallo.

Laifin ba na yaran da ke montaj ba ne su kaɗai. Manhajar ce ta jera musu abubuwan ga a gaba, kyauta, taɓawa ɗaya ta zauna, kuma mai biki ma sau da yawa abin da yake so ya gani kenan don ya san kuɗinsa sun yi aiki. Amma akwai abin da ya kamata duk mai montaj ya riƙe, ko biki yake haɗawa ko gajeren fim ko tallar shago: duk abin da ka sa tsakanin pilan biyu, wato guntayen ɗauka biyu da ke bin juna, magana ce kake faɗa wa mai kallo game da lokaci, kuma mai kallo yana jin maganar ko da bai san sunanta ba.

Yankan kai tsaye, wato pilan ya ƙare wani ya shigo ba komai a tsakani, ma'anarsa muna nan, abin na ci gaba. Fondi, inda hoto ɗaya ke narkewa cikin ɗaya, wanda a Premiere Pro za ka gan shi da sunan Cross Dissolve, ma'anarsa lokaci ya wuce ko mun shiga tunanin wani. Shiga baƙi a fito, Dip to Black, wannan ya fi nauyi, babi ne ya rufe, an kwana an tashi ko an yi watanni. Mutanenmu sun koyi karatun ga tun daga finafinan Indiya da na Kano, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Shi ya sa idan mutum biyu na hira a zaure, wanga ya ce ina kwana sai ka narke zuwa wancan ya ce lafiya lau, ƙarya ka yi wa mai kallo, ka ce mishi an ɗauki lokaci tsakanin gaisuwa da amsa alhali numfashi ɗaya ne. Ba zai ce maka fondin ga ba ta dace ba, cewa kawai zai yi fim ɗin na da sanyin jiki, ya wuce gaba da yatsa.

Kuma in ka bincika da kyau, yawancin fondin da ake zubawa ba don a nuna wucewar lokaci ake sa su ba, don a rufe aibi ake sa su. Mai montaj ya haɗa pilan biyu ya ga hoton ya yi tsalle, kan mutum ya zabura daga nan zuwa can, sai ya danna `Ctrl+D` ya huta. Tsallen bai tafi ko'ina ba, yanzu dai kai biyu kake gani a kan wuya ɗaya na tsawon sakan guda. Abin da ya kawo tsallen tun wajen ɗauka ne, kamera ba ta gusa sosai ba tsakanin pilan na farko da na biyu. Masu sana'ar na da ƙa'ida, in za ka yanka daga mutum zuwa shi wannan mutumin, to kamera ta matsa aƙalla digiri 30 ta gefe, ko girman pilan ya canza sosai, daga rabin jiki zuwa fuska kaɗai misali. In ba ka da wannan, maganin shi ne ka sa wani abu a tsakani, hannun mai magana yana jan carbi, fuskar mai saurare, butar shayi a kan gawayi, sakan ɗaya da rabi ya isa, ka dawo, ba wanda zai san an cire komai. Don haka ne nake cewa masu ɗaukar biki su riƙa ɓata minti biyar suna ɗaukar ƙananan abubuwa, goro a faranti, takalma a bakin ƙofar masallaci, hannuwa a sama lokacin fatiha. Su ne ke cetonka a teburin montaj.

Wani lokacin ma ba hoton ne ke tsalle ba, sauti ne. Pilan na farko janareta na ƙara a baya, na biyu an kashe shi, ko babur ɗan kabu-kabu ya wuce a ɗaya babu a ɗaya, sai kunne ya ji tsinkewar ido ya ɗauki laifin. A nan sautin za ka narkar, hoton ka bar shi a yanke. A Premiere `Ctrl+Shift+D` ke sa narkewar sauti, ka gajarta ta zuwa firam uku ko huɗu in ƙaramin tsinkewa ne, ko ka shimfiɗa sautin wuri guda ɗaya a ƙarƙashin dukan pilan ɗin da anka ɗauka a wurin.

Akwai kuma abu biyu na fasaha da ke sa fondi ta yi muni ko a inda ta dace. Na farko, fondi na cin hoto daga bayan wurin da ka yanka. In kana aiki da firam 25 a sakan kuma ka sa fondi ta sakan ɗaya a tsakiyar yankan, kowane pilan na buƙatar rarar firam 12 ko 13 bayan iyakarsa. In babu rarar Premiere za ta rubuto maka "Insufficient media. This transition will contain repeated frames." wato za ta daskarar da firam na ƙarshe ta maimaita shi, sai ka ga mutum ya sandare a tsakiyar narkewa. In kuma akwai rarar amma ba ka duba ta ba, nan ne ake ganin kamera na girgiza ko ɗan wasa ya waigo yana tambayar an gama, duk cikin fondin. Na biyu, bidiyonmu ta WhatsApp da Facebook yake yawo, su kuma matse shi suke yi. Matsewar ga na dogara ne da cewa firam na gaba ya yi kama da na baya, to a lokacin fondi ko juye-juyen nan kowane ɗigo na allon canzawa yake yi a kowane firam, shi ya sa daidai wurin ne hoton ke farfashewa ya zama murabba'i-murabba'i. Abin da ka gani sumul a ordinatarka ba shi ne zai isa wayar goggo a Tasawa ba.

Yanzu bari mu zo ga rakor, wanda shi ne ya fi daɗi kuma shi ne ya fi saurin lalata mai montaj in ya gano shi. Abin nufi, ka yanka daga wani abu zuwa wani abu daban amma siffa ko motsi ko sauti ya ɗaure su, ido ya zarce bai yi tuntuɓe ba. Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe.

A ce gajeren fim ne na minti takwas. Magidanci ya bar matarsa da yara a Maraɗi ya tafi haƙar zinari Jado, kamar yadda mutane da yawa sunka yi tun da anka gano zinarin can a 2014. Marubucin na so a ji cewa su biyun wahala ɗaya suke sha ko da yake ɗaruruwan kilomita na tsakaninsu. Hanya mai sauƙi ita ce matar ta zauna ta yi tagumi, a narke zuwa mijin, a sa kiɗan tausayi. Wannan kowa ya gani sau dubu. Hanya ta biyu, tana daka hatsi a tsakar gida, ta ɗaga taɓarya ta sauko da ita, kafin taɓaryar ta taɓa turmi a yanka, abin da ya sauka diga ce a hannun mijin ta daki dutse. Ba wanda ya yi magana, an gama faɗin komai.

Amma don wannan ya zauna sai abu huɗu sun daidaita, kuma uku daga ciki a wajen ɗauka ake yin su, in an rasa su a can babu manhajar da za ta maido su.

Na farko, wurin da abin yake a allo. Idon mai kallo na bin taɓarya, in turmin na gefen hagu a ƙasa to can idon yake a lokacin yankan. In dutsen da digar za ta daka ya faɗo gefen dama, ido zai yi tafiya ya nemo shi, kuma cikin ɗan lokacin nan na nema bugun ya riga ya wuce. Mai ɗauka ya kunna layukan raba allo na kamerarsa ya sa turmi a mahaɗar layi ɗaya, ya ɗauki hoton allon da waya, ranar ɗaukar mijin ya sa dutsen a wannan mahaɗar. In an ɗan kuskure za ka iya gyarawa a tebur, ka ɗora pilan ɗaya kan ɗaya, ka rage Opacity na saman zuwa 50 don ka ga duka biyun, ka ɗan ƙara girma ka matsar har su hau juna. Amma in ka ɗauka a 1080 kuma a 1080 za ka fitar, ƙarin da ya wuce kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari zai fara nuna laushi, fuskar mijin ta zama dishi-dishi kusa da ta matar.

Sai girma da alkibla. In matar an ɗauke ta daga gwiwa zuwa sama, mijin ma haka, kada ita tana cike da allo shi kuma ɗan tsito a cikin rami. In tana fuskantar dama shi ma ya fuskanci dama don motsin ya zarce. Akwai mai cewa a sa su fuskanci juna wai kamar suna kallon juna daga nesa, tunanin na da kyau amma ya dace da pilan na fuska, a kan bugu yana karya motsin, taɓarya ta taho ta nan diga ta fito ta can.

Sai sauri. Taɓarya miƙe take saukowa kuma da sauri, diga kuwa zagaye take yi ta bayan kai, ta fi jinkiri wajen tashi. Saboda haka ba a haɗa su a wajen ɗagawa, a wajen saukowa ake haɗa su inda duka biyun ke tafiya ƙasa. Ɗan wasan da ke riƙe da diga a ce mishi ya yi bugun sau da yawa, wasu da ƙarfi wasu a hankali, don mai montaj ya samu zaɓi.

Na huɗun shi ne naka, firam ɗin da za ka yanka. Ka bi pilan ɗin matar firam-firam da kibiyar kibod. Za ka ga saukowar taɓarya gajera ce ƙwarai, 'yan firam ne, a ce shida a misalinmu. Kada ka bari ta kai turmi, in ta daka bugun ya ƙare, na mijin ya zama bugu na biyu, maimaici kenan. Ka yanka a firam na uku ko na huɗu, taɓarya na tsakiyar hanya hoton ya ɗan yi hazo saboda gudu. A pilan ɗin mijin ka shiga lokacin da digar ta riga ta wuce kansa tana saukowa, saura firam uku ko huɗu ta daki dutse. A nan akwai dabara, ido na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya gane sabon hoto, shi ya sa masu montaj da yawa ke shiga pilan na biyu da firam ɗaya ko biyu baya da inda lissafi ya ce, wato su ɗan maimaita motsin kaɗan. Ba doka ba ce, wani bugun ragewa yake so. Ka gwada, ka ƙara firam ɗaya ka kalla da cikakken gudu, ka rage ɗaya ka kalla. Alamar ka yi latti ita ce ka ji kamar an buga sau biyu, alamar ka yi gaggawa kuma digar ta bayyana kamar daga sama ta faɗo ba ka ga tahowarta ba.

Sauti ne ke ƙarasa aikin. Kafin yankan a bar mai kallo ya ji dakan sau uku ko huɗu, dum, dum, dum, kunnensa ya kama kiɗan har ya san lokacin da na gaba zai zo. A daidai wannan lokacin sai ƙarar ƙarfe kan dutse ta zo a madadin dum ɗin turmi. Kukan kaji da muryar yara su yanke tsaf, iska da shirun sahara su shigo. Kada ka narkar da sautin a nan, bambancin ne ake so a ji. Kuma don Allah kada a sa wannan ƙarar fuuu ta iska da ake liƙa wa kowane yanka yanzu, kada a sa walƙiya fara, kada a rage gudu. In ka yi haka ka nuna wa mutum ɗinkin da yatsa, zai ce kai mai montaj ɗin ga ya iya, ya manta da matar.

Misalin da ake yawan kawowa a makarantun fim shi ne na Lawrence of Arabia, fim ɗin David Lean na 1962, inda jarumin ya hure ashana sai ga fitowar rana a sahara. Abin da ya sa na kawo shi, asali fondi anka shirya sawa a wurin. A zamanin fim na leda sai an kai ɗakin wankin fim kafin a ga fondi, don haka mai montaj ɗin, Anne V. Coates, da darektan sun fara kallon wurin a yanke kai tsaye, sunka ga ya fi ƙarfi haka sunka bar shi. Fim ne na sama da awa uku da rabi kuma wannan yanka ɗaya ake ta magana a kai har yau.

To a fim ɗinmu na minti takwas sau nawa za a yi irin wannan? Ni a ganina sau ɗaya. Na san jarabar, da zarar na taɓarya ya zauna sai ka fara ganin rakor ko'ina, bakin turmi da bakin rami duk zagaye ne, faifai da wata, ita ta sha ruwa a moɗa shi ya sha a jarka. Kowanne shi kaɗai zai yi kyau. Amma a na biyu mai kallo ya gane wasan, a na uku ya fara jiran na huɗu, ya koma mai neman kamanni a allo maimakon mai jin labari. Gwajin da nake ba yara shi ne, cire kamannin ka tambayi kanka mi haɗin ya faɗa. Taɓarya da diga sun ce wahalarsu ɗaya. Faifai da wata sun ce duka biyun zagaye ne, wannan kuwa ba labari ba ne. In har za a ƙara na biyu to ya zo can ƙarshe kuma ya juya ma'anar na farko, misali diga ta tashi a yanka zuwa taɓarya amma yanzu ƙaramar ɗiyarsu ce ke dakan don uwar na kwance ba lafiya.

Sauran fim ɗin fa? Yankan kai tsaye kusan duka. Fondi ɗaya tak inda watanni sunka wuce, kuma ita ma a yi ta da dalili, kamera a kafe wuri ɗaya a tsakar gida, rumbu cike ya narke zuwa rumbun da ya yi ƙasa, a ba ta sakan biyu ko uku don a ga canjin yana faruwa. Fondi tsakanin pilan biyu masu tsari ɗaya tana fita tsaf, tsakanin pilan biyu masu cunkoso da motsi kuwa kwamacala take zama. Baƙi kuma a farko da ƙarshe. Wucewa daga dare zuwa safiya ba ya buƙatar komai, a sa kiran sallar asuba ya fara sakan ɗaya kafin hoton dare ya ƙare sannan a yanka zuwa safiya, kunne ya riga ya kai mutum can.

Saura maganar mai biki, don na san wani zai ce duk wannan na masu fim ne, mu abinci muke nema. Gaskiya ne, Alhaji zai zo ya kalla ya ce "ƙanena ina kwalliyar, na gidan maƙwabcina har da furanni ke zubowa," kai kuma ba za ka tsaya yi mishi lacca kan digiri 30 ba. Abin da ke aiki shi ne ka ba kwalliyar wurinta. Buɗewar bidiyo inda sunayen ango da amarya ke fitowa, da jerin hotunan da anka ɗauka a sutudiyo, da wurin rawa inda kiɗa ke jan yankan, nan ka sa mishi, amma ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kai, ka sa ta faɗa kan bugun kiɗa. Wurin ɗaurin aure da wurin da iyaye ke yi wa amarya nasiha da fitarta daga gida ka bar su a yanke, fondi kawai tsakanin ranar ƙunshi da ranar ɗaurin aure, da tsakanin rana da daren kai amarya. In ya matsa ka ce "Alhaji, a bari a ga fuskar Hajiya da kyau a nan, in na sa furanni za su rufe ta," galibi a nan gardamar ke ƙarewa. Kafin ka miƙa aikin kuma ka tura wa kanka ta WhatsApp ka kalla a ƙaramar waya, duk fondin da ta farfashe a can ka gajarta ta ko ka cire ta.